Matakan da za ka bi idan na'urar ATM ta hana ka kuɗi amma an cire a asusunka

Masu tambaya daga cikin garin Sakkwato sun yawaita a kan wannan, ga yadda ake yi.

1. Kada ka sake saka katin nan take, domin ana iya sake cire maka wani kuɗin, matsalar ta zama biyu.
2. Rubuta rana, lokaci, adadin kuɗin da sunan bankin da ke da na'urar.
3. Adana saƙon cire kuɗin da ya shigo wayarka, kada ka goge shi.
4. Duba ko na'urar ta bankinka ce. Bisa ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020, idan ta bankinka ce, kuɗin su dawo nan take, idan kuma hakan ya gagara, a mayar da su cikin awa 24. Idan ta wani banki ce, wa'adin awa 48 ne.
5. Idan wa'adin ya wuce, je bankin da ka buɗe asusu. A nan mutane suke kuskure: wanda ya nemi naira 20,000 a na'urar wani banki kusa da Babbar Kasuwa, sai ya koma can yana ƙorafi, alhali bankinsa ne zai nemo masa kuɗin.
6. Cike takardar ƙorafi.

Gargaɗi: kada ka rubuta lambar sirrin katinka, kada kuma ka faɗa wa wanda ya kira ka yana cewa zai dawo maka da kuɗin.

7. Karɓi lambar ƙorafin kafin ka fita.
8. Idan mako biyu ya cika ba a biya ka ba, kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin, tare da wannan lambar.