Kurakuran da masu sabulun ruwa ke yi wajen sa kuɗi da talla

Kaya ma yana da shekaru kamar mutum. Akwai lokacin da yake sabo ba a san shi ba, sai kasuwarsa ta buɗe, sai ta cika kowa na sayarwa, daga nan ta fara mutuwa. Masana kasuwanci haka suka kasa shi gida huɗu, kuma kuɗin da ya dace da kaya a mataki ɗaya shi ne zai karya ka a na gaba. A kan ƙanwata na ga wannan, ita ta fara kawo sabulun ruwa ƙauyenmu nan wajen Gumel.

Mu ɗauka jarka mai lita 25 tana cin naira 10,000 har da robobi, a samu roba 50, kenan kowace ta tashi a 200.

Kuskuren farko, da ta ga ba a saye sai ta ce ai tsada ce, ta sauke daga 300 zuwa 200, wai a saba tukunna. Alhali matan ba kuɗin ne ya hana su ba, sun saba da garin sabulu da na sanda, ba su yarda wannan ruwan zai fitar da maiƙon tukunya ba. Wanda bai san kaya ba ko ka rage masa ba zai saya ba, in ma ya saya to ya riƙe 200 ɗin nan a ka, ranar da ka ce 300 sai a ce ka fara son kuɗi. Gyaran shi ne a bar kuɗin a 300, a ware roba 5 a ƙulla a leda ƙanana a raba, ko a je gidan biki lokacin wanke-wanke a zuba musu su ga kumfa da idonsu. Wannan 1,000 kawai ya ci, ragin da ta yi kuwa ribar jarka guda ya cinye, 5,000 cur.

Da kasuwa ta buɗe, jarkar da ke yin sati uku ta koma ƙarewa a kwana huɗu, nan kuma zuciya ta ce mata ta kai shi 400. Na ce mata ke dai yi a hankali, maƙota suna kallo, riba mai yawa ita ke kiran masu kwaikwayo. A wannan gaɓar ba a taɓa farashi, yawa ake nema. A sayo kayan haɗi da yawa daga Kano don kowace roba ta sauko, a ce 170, a ba masu shago sari a 250, a aika wani ranar Alhamis kasuwar Maigatari. Talla ma ta canza, yanzu kowa ya san sabulun, abin da ake so a sani shi ne na wa ne, don haka a manna takarda mai suna a jikin roba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne lokacin da kasuwa ta cika. Za ka gane shi in cinikinka ya tsaya wuri guda, sabbin masu saye sun ƙare, mata huɗu ko biyar na yi a gari ɗaya. Sai wata ta ce 250, kowa ya bi. To yi lissafi mana, in roba ta tashi a 200, a 300 ribarka 100, a 250 ta koma 50, sai ka sayar da roba 100 kafin ka ga abin da roba 50 ke kawo maka da, kuma mutanen garin ba ƙaruwa suka yi ba, kwanukansu ma haka. Ƙarshenta sai a fara ƙara ruwa don a fita, sabulu ya tsinke, suna ya ɓaci. Gara a fito da ƙullin naira 50 don mai ƙaramin ƙarfi, a rage 30 ga duk wadda ta dawo da robarta tunda dama robar kuɗi ce, mai sayen biyar a yi mata gyara da ƙulli ɗaya. Riƙe tsofaffin kwastomomi shi ne tallan wannan lokaci.

Sai dai kar a ruɗe, in ciniki ya ja baya da damina ba mutuwa ba ce, kuɗi ne ya tafi taki da noma. Ka gwada da na bara warhaka. In kaka ta zo, bukukuwa suka wuce bai tashi ba, to ya kama hanyar fitilar ƙwai, wadda cocila da sola suka kora. A nan kuskure ne ka ƙara kashe kuɗin talla ko ka haɗa jarka biyu. Ka koma rabin jarka don waɗanda ba sa canzawa, ka bar musu kuɗin yadda yake, ragi sai in tsohon haɗi kake son kwashewa kafin ƙamshinsa ya gudu. Ita dai ƙanwata nata bai kai nan ba tukunna, amma tun yanzu rabin ribar tana zuba shi a koyon man shafawa.