Duba kwanan watan hoton titi kafin ku ce ba wurin ba ne

'Yan uwa, idan kuna kwatanta hoton da aka turo muku da hotunan titi na Street View, ku fara duba watan da shekarar da aka ɗauke su, waɗanda Google ke rubutawa a jikin allon. An buɗe wannan tsari a Gana a shekarar 2017, saboda haka a cikin hotunan wasu tituna suna nan da tsohuwar kamarsu.

Kwanan baya an turo mini hoton wani shago a unguwar Nima da ke Accra, na nemi allon sunansa da koren fentinsa a Street View na rasa, har na kusa cewa ƙarya ne. Da na lura hoton titin ya tsufa, sai na bar fenti da kwantenoni, domin su ne suka fi saurin canzawa a Accra, na koma ƙirga tagogin benen da ke bayan shagon, na duba tsayin hasumiyar masallaci da inda kwata ta lanƙwasa. Duka suka dace, sai dai benen ya ƙara hawa ɗaya, wanda a tsohon hoton rodi ne kawai a tsaye.

Inda kuka ga `See more dates`, ku danna, ku zaɓi shekarar da ta fi kusa da ta hotonku.