Babi na 7: Yaro ya yi tsalle, kwalekwale ya koma baya

Wanda ya taɓa zuwa tafkin Madarunfa, kudu da Maradi, ko ya tsaya bakin gulbi da damina, ya san wannan abu. Kwalekwale ya zo dab da gaɓa, yaro ya ƙosa, bai jira an ɗaure ba sai ya yi tsalle. Shi ya yi gaba, kwalekwalen ya sulale baya. Tambayarmu guda ce: da wane sauri suke rabuwa da juna? Ku buɗe kaye, ku riƙe bik. Kowa zai iya, in ya bi ni sannu.

Darasi na 1: Saurin kwalekwale

Mu fara da kalmomin awo. Nauyi da kilo muke auna shi, kamar a sikelin kasuwa. Nisa da mita, mita ɗaya kuwa kamar babban taki ne na magidanci. Daƙiƙa ita ce motsi ɗaya na siririn hannun agogo, sittin ɗinta ke yin minti guda. In aka ce "mita 3 a daƙiƙa", ana nufin kafin hannun nan ya motsa sau ɗaya an ci mita 3.

Yaro ba ya iya tsalle sai ya tura abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙarfin da ya tura katakon kwalekwale baya, da shi katakon ya tura shi gaba. Saboda haka, in dai kwalekwalen a tsaye yake kafin tsallen, nauyin yaro sau saurinsa daidai yake da nauyin kwalekwale sau saurinsa. Wannan ita ce ƙa'idar da za mu yi aiki da ita.

Ga misali. Yaro kilo 40 ne. Kwalekwale ƙarami ne, kilo 60, ba kowa ciki, ba a ɗaure ba. Mai tsaye a gaɓa ya ga yaron ya nufo shi da saurin mita 3 a daƙiƙa.

Ka fara ninka nauyin yaro da saurinsa: 40 × 3 = 120. Alamar × ana karanta ta "sau". Arba'in sau uku, wato arba'in da arba'in da arba'in.

Sai ka raba 120 da nauyin kwalekwale: 120 ÷ 60 = 2. Sittin nawa ke cikin ɗari da ashirin? Biyu. Kwalekwale na komawa baya da mita 2 a daƙiƙa.

Duba aikinka: 60 × 2 = 120, daidai da na yaro. In lambobin nan biyu ba su zo ɗaya ba, akwai kuskure, ka koma. Kuma ka lura, kwalekwale ya fi yaro nauyi, don haka bai kai shi sauri ba. In ka ga mai nauyi ya fi mara nauyi gudu a kayenka, akwai kuskure, ka sake lissafin.

Darasi na 2: Ana tarawa, ba a ɗebewa

Nan ne mutane ke faɗuwa, don haka nan za mu daɗe. Da yawa in suka samu 2 sai su aje bik, su ce sun gama. Ba ku gama ba. Biyu saurin kwalekwale ne kaɗai. An tambaye ku saurin rabuwarsu.

Yaro ya yi gaba da 3, kwalekwale ya yi baya da 2. Tarawa ake yi: 3 + 2 = 5. Suna rabuwa da mita 5 a daƙiƙa.

Na san abin da ke cikin ran wasunku. Wani dattijo a aji ya ce mini, "Malam, ai wanda ya koma baya ragewa ya yi, me zai sa a ƙara shi?" Na ce, "Baba, taso mu fita waje." Ku ma ku fita ku gwada. Ku aje dutse a ƙasa, shi ne wurin da aka yi tsalle. Mutum biyu su tsaya kan dutsen, baya da baya. Ɗaya ya yi taki 3 gabas, shi ne yaro. Ɗayan ya yi taki 2 yamma, shi ne kwalekwale. To, na uku ya ƙirga taki daga wannan zuwa wancan. Biyar zai samu. Ba wanda zai samu ɗaya, ko sau nawa aka sake.

Yaushe ake ɗebewa? Sai in gefe ɗaya suka nufa, wani na bin wani. Da kwalekwalen bin yaron yake yi, da tazarar 3 − 2 = 1 ce. Amma ba bin sa yake ba, gudunsa yake. In sun juya wa juna baya, tarawa. Ku faɗa da baki: in sun juya wa juna baya, tarawa. Inna, ke ma ki faɗa, kada ki ji kunya, duk koyo muka zo.

Mu sake gwadawa ta wata hanya. A ce yaron ya yi rabin daƙiƙa a sama kafin ya dira. Ya ci mita 1 da rabi gaba. Kwalekwale ya ci mita 1 baya. Tsakaninsu mita 2 da rabi, wato rabin 5. Nan ma tarawa muka yi.

Kowane zango sai na duba kaye na tarar da "1" an rubuta shi da kyau, har an ja masa layi. Haba jama'a! Kun taka ƙasa da ƙafarku, kun ƙirga biyar da bakinku, sa'annan ku dawo ku rubuta ɗaya? Gaggawa ce ke kawo wannan. Kafin ka rubuta amsa, zana kibiya biyu, ɗaya ta dubi dama ɗaya ta dubi hagu, ka sa 3 da 2 a kansu. In bakin kibiyoyin ya rabu, ka tara.

Darasi na 3: In akwai mutum a ciki

Yanzu mahaifin yaron, mai kilo 60, yana zaune cikin kwalekwalen. Duk abin da ya rage a ciki, mutum ne ko buhu ko kifi, ana haɗa shi da nauyin kwalekwale: 60 + 60 = 120. Yaron kam ba a haɗa shi, ya riga ya fita. In ya sake tashi da mita 3 a daƙiƙa, 120 ÷ 120 = 1. Sai me? Sai tarawa: 3 + 1 = 4.

Wannan ya nuna dalilin da yara ke faɗawa ruwa kafin gaɓa. A kan tudu ƙasa ba ta gocewa, duk ƙarfin ƙafa na yaro ne. A kan kwalekwale mara nauyi wani kaso na ƙarfin yana tafiya wajen tura katako baya, tsallen sai ya gajarta. A ɗaure igiya tukuna, ko babba ya riƙe, ko a kafa goshin kwalekwalen a laka.

Darasi na 4: Iyakar lissafin

Amsar ta lokacin tashi ce kawai. Ruwa na riƙe kwalekwale, ba da jimawa ba zai rage gudu ya tsaya. In a ɗaure yake ko ya kafe, lissafin nan ba ya aiki. Saurin zuwa gaba kaɗai muke ƙirgawa, ban da na tashi sama.

Aikin gida: yarinya kilo 30, kwalekwale kilo 90, ta yi tsalle da mita 3 a daƙiƙa. Nemo saurin kwalekwale, sa'annan saurin rabuwarsu. Ku zana kibiyoyin kafin ku rubuta amsa.