Yadda ake ba wani kyautar da aka ba ki, ba tare da an ji kunya ba

Duk matar da ta taɓa haihuwa a ƙauyukanmu ta san yadda ɗaki ke cika bayan suna: turamen atamfa, sabulai, omo, man shafawa, rigunan jarirai da yaro ba zai sa rabinsu ba kafin ya girme su. Kafin ta gama wankan jego kuma an fara aiko mata da goron wani bikin, ga hannu ba kuɗi. Ɗauko ɗaya daga cikin abin da aka kawo mata ta kai wa wata ba laifi ba ne, kowa yana yi. Abin da ke kunyata amare da masu haihuwar fari shi ne rashin sanin wanda za a ɗauko da inda za a kai shi. A kan turmin atamfa zan fi tsayawa, domin shi ne mai tonon asiri.

Ta fuskar addini babu damuwa. Kyauta idan ta shiga hannunki ta zama mallakarki. A cikin Bukhari da Muslim, an ba Barira nama sadaka, ita kuma ta ba gidan Annabi (SAW) kyauta, sai ya ce a wurinta sadaka ne, a wurinsu kuma kyauta ce. Haka ya taɓa aika wa Sayyidina Umar tufar alharini, ya bayyana masa cewa ba don ya sa ya ba shi ba, Umar ya ba wani ɗan'uwansa da ke Makka. Saboda haka maganarmu ta zumunci ce da zaman tare.

Mataki na farko: rubuta tun ranar da kaya suka shigo

Ki yi godiya, ki ba ɗan aike tukwicinsa, sannan ki sa a rubuta. Littafin makaranta na yara ya isa. Ranar suna mai jego ba ta da natsuwar wannan, don haka ki ɗora ƙanwarki ko wata ƙawa mai hankali a bakin gado. Kada ta tsaya a "Inna, turmi ɗaya". Ta rubuta launi da zanen da ke jiki: "Inna ta gidan liman, kore mai ganye, da sabulu uku." Bayan wata huɗu duk turamen sun haɗu a akwati guda, ba za ki iya rantsuwa a kan wanda ya kawo wanne ba.

Mataki na biyu: ware abin da ba ya fita

Abin da uwar miji ta ba ki ba ya fita. Ki ɗinka ki sa, ki je gaishe ta da shi a jikinki, ko da launin bai yi miki ba. Haka kayan sallar da maigida ya yi miki. Kayan toshi kuwa, matuƙar ba a ɗaura aure ba, kada budurwa ta bayar da ko ɗankwali, domin idan magana ta lalace ana iya cewa a dawo da kaya, kuma da lissafinsu a hannun dangin saurayi. Lefe ni dai a wurina sai ya shekara, kuma sai miji ya sani.

Sai abin da aka ce "a ba yaro". Idan kawu ya ba jariri tunkiya, ko kaka ta ba jaririya 'yan kunne, wannan dukiyar yaron ce, ke mai ajiya ce kawai. Rigar da ya girma ta matse shi daban, wannan a ba na baya.

Sabulu, omo, man shafawa, turare, dabinon tsaraba, naman layya, waɗannan ki bayar hankali kwance. Babu mai gane sabulunta a kwandon wata.

Mataki na uku: bi sawun turmin kafin ya bar ɗakinki

A nan ake faɗuwa. Yarinya takan duba cewa ba wadda ta ba ta za ta mayar wa ba, sai ta ga ai shi ke nan. Alhali tambayar ita ce: idan aka ɗinka wannan atamfar, a jikin wa za ta fito, kuma idon wa zai gan ta?

Ga abin da ya faru da wata 'yar ƙanwata da ke aure a wani ƙauye wajen Ringim. A sunanta na fari ta sami turmi tara. Ɗaya shuɗi ne mai zanen tsuntsaye, mai tsada, wanda gwaggon mijinta ta kawo. Bayan girbi aka tashi bikin wata ƙawarta a ƙauyen gaba, ta ɗauko shi ta kai gudunmawa, a ganinta ƙauye daban, mutane daban. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, gidan da aka kai amaryar katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan 'yar gwaggon. Amarya ta ɗinka, ta fito da shi ranar wani suna, gwaggo na zaune a tsakar gida. Ta kira ta, ta kama bakin zanin ta murza, ta ce, "'Yar nan, a ina aka samo miki wannan?" Amarya ba ta san komai ba, ta ce ai ƙawarta wance ce ta kawo mata. Gwaggo ba ta ce uffan ba a wurin. Amma da 'yar ƙanwar tawa ta sake haihuwa, sabulu biyu ta aiko da su a hannun almajiri, ba ta tako ba.

Abin da ya yi wa gwaggo ciwo shi ne ita da ƙafarta ta shiga mota zuwa Kano, ta zaɓo turmin a Kantin Kwari, ta daɗe tana jiran ranar da za ta gan shi a jikin matar ɗanta. Da irin atamfar da 'yan koli ke kawowa kasuwar Gujungu ranar Lahadi ce, wadda za ki ga zane iri ɗaya a jikin mata biyar a biki guda, babu wanda zai ɗaga kai. Don haka ƙa'idata: turmin da ya fita daban, mai tsada, wanda aka zaɓo dominki, shi ne naki na sawa. Mai yawa a gari shi ne na bayarwa. Yara sukan yi akasin haka, su ɗinke na gama-gari su ajiye mai tsadar don fita kunyar babban biki.

Kafin ki ɗauko, buɗe littafinki ki ga sunan mai kyautar, sannan ki lissafa gidajen da take shiga: gidan iyayenta, inda 'ya'yanta suke aure, gidan kishiyarta da dangin kishiyar, makarantar Islamiyyar da take zuwa. Idan wadda za ki ba tana cikin ɗaya daga waɗannan, mayar da shi akwati. Kada nisan ƙauye ya ruɗe ki. Abin dubawa shi ne auratayya, domin ƙauyen da ke da nisan tafiyar awa guda a babur yana iya zama cike da dangin mai kyautar, na kusa kuma ba ta da kowa a ciki. Mafi aminci shi ne kayan da suka fito daga dangin miji su tafi wajen danginki na nesa, na danginki kuma su tafi wajen mutanen miji, in dai ba auren zumunci kuka yi ba. In auren gida ne, kusan duk hanya ɗaya ce, sai ki nemi ƙawayen makaranta da aka kai wani gari.

Mayar wa mai kyauta da abinta kuwa, ko 'yarta, ko kishiyarta, wannan shi ne mafi muni. Ana ɗaukarsa kamar kin mayar da hannun kyauta baya, kuma ba ya faruwa sai ga wadda ba ta rubuta ba.

Mataki na huɗu: warware shi gaba ɗaya ki duba

Turmi yadi shida ne, ki baza shi duka a kan tabarma da rana. Atamfar da ta daɗe a ninke takan yi layi mai haske a bakin ninki, musamman idan gefen da ke sama yana shan rana ta taga. Duba cin gara da na ɓera, da tabon danshin damina. Ki shinshina: idan ta kama ƙamshin turaren wutarki ko kafur, shanya ta a inuwa ta sha iska. Takardar kamfani da ke manne ki bar ta, ita ke nuna ba a taɓa shi ba. Amma ki laluba cikin ninki da jikin leda, domin mata da yawa suna rubuta sunansu da biro ko su cusa 'yar takarda, wasu ma da kuɗi a ciki. Sabuwar leda ba ta da tsada, ki canza. Turmin da aka yanki ɗankwali a jikinsa ya tashi daga kayan biki, sai dai ki ba ƙanwa ko 'yar riƙo a matsayin abin da yake. Man shafawa da hodar jarirai kuma a duba ranar lalacewarsu.

Mataki na biyar: auna shi da bashin bikin da ke kanki

Biki a wurinmu ramuwa ne, kuma ba a rama shi da ƙasa da abin da aka kawo. Idan wadda za ki kai wa ta taɓa kawo miki atamfa mai daraja, kada ki ɗauko mai arha don kawai tana akwati. Ko ki daidaita, ko ki ɗora wani abu daga aljihunki: sabulai, rigar jariri, ko 'yan kuɗi a ninke. Ni ba na barin turmi ya tafi shi kaɗai ko da ya kai, sai na haɗa da abin da na saya da kaina.

Mataki na shida: miƙawa

Ki kai, ki ce "ga wannan ba yawa", ki yi shiru. Kada ki ƙara da cewa jiya kika aika aka sayo, wannan ƙarya ce, kuma yaran gidanki sun san gaskiya. Idan 'yar'uwa ce ta jiki ko mabukaciya, faɗa mata kai tsaye: "Yaya, a suna na samu, na ga zai fi yi miki kyau." Za ta ji daɗi, kuma ta san inda ba za ta sa shi ba.

In kuma duk da haka mai kyautar ta gane, kada ki jira ta aiko. Ki je da kanki da 'yar tsaraba, ki ce biki ya taso miki hannunki babu komai, kayanta ne suka rufa miki asiri. Abu na gaba da ta ba ki, ki kai wa tela a makon, ki sa ki je mata wuni.