Lissafi Kafin Ka Ɗora Manhaja Ta Riƙa Amsa Wa Kwastomominka

Idan kana sayar da kaya ta waya, wataƙila wani matashi ya taɓa zuwa shagonka ya ce zai haɗa maka manhajar da za ta riƙa amsa saƙon kwastoma dare da rana, ko kana barci. Masu harkar waya suna kiran irin wannan manhaja bot. Kafin ka ce masa to ko a'a, wannan darasi zai koya maka rubuta takardar shawara mai shafi ɗaya. Kanka za ka rubuta wa, ba wani ba. Biro da littafin ciniki sun isa.

Da farko a san cewa abin ba iri ɗaya ba ne. Akwai amsoshin da ke cikin WhatsApp Business, manhajar da aka fitar a 2018, kuma kyauta ce. Idan ka shiga `Business tools` za ka ga `Greeting message`, wato gaisuwar da ke tafiya da kanta ga wanda ya fara turo maka saƙo, da `Away message` mai sanar da cewa ba ka kusa, da `Quick replies`, inda kake ajiye amsoshin da ka saba bayarwa, ka danna alamar `/` su fito. Akwai kuma bot mai jeri, irin wanda ke cewa danna 1 don farashi, danna 2 don adireshi. Sai na uku, mai ƙirƙirarriyar basira, wanda ke karanta tambaya ya tsara amsa da kansa. Na biyu da na uku galibi sai an biya wani kamfani ya haɗa, kuma ana biya duk wata. Manyan bankuna sun daɗe da irinsu. Bankin UBA ya fito da nasa mai suna Leo tun 2018. To amma banki yana da miliyoyin masu ajiya da ma'aikatan da aikinsu kenan kula da shi. Kai kuwa da kai da yaron shago ne.

Mu ɗauki misalin wata hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari a Kano, wadda take aika kaya Zariya da Kaduna da Katsina a motar haya. Lambobin da za ku gani na koyo ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu.

Hajiya ba ta fara da tambayar kuɗi ba. Ta ce wa matashin: "Ɗana, ba ni mako guda tukuna." A makon nan ta ja layi biyu a shafin littafinta, ya rabu gida uku, duk saƙon da ya shigo sai ta yi masa ɗan zane a gidan da ya dace. Ranar bakwai ta ƙirga saƙo 210. Guda 120 tambayoyi ne masu amsa ɗaya kullum: ina shagon yake, ƙarfe nawa ake buɗewa, ana kai kaya Zariya, nawa ne kuɗin mota. Guda 60 ciniki ne: akwai wannan kalar, nawa turmi, ba ragi. Sauran 30 kuwa ƙorafi ne da maganar kuɗi, irin su "na turo, kin gani?" da "kayan bai iso ba har yanzu."

Wannan ƙirga ita ce gindin takardar duka. Gida na farko na'ura za ta iya ɗauka ba tare da matsala ba. Gida na uku bai kamata ta taɓa shi ba. Na tsakiyar ne ke buƙatar tunani, za mu dawo kansa.

Sai lissafin kuɗi. Matashin ya ce haɗawa naira 60,000, sannan 25,000 duk wata. Mutane da yawa nan suke tsayawa, alhali akwai abin da ba a faɗa ba. Duk sanda farashi ya canja ko wata kala ta ƙare, dole wani ya shiga ya gyara bayanin da ke cikin manhajar, in ba haka ba za ta ci gaba da faɗin tsohon farashi. Hajiya ta ware 5,000 a wata don data da ɗan ihsanin yaron da zai riƙa gyarawa. A shekara kenan: 60,000 da 300,000 da 60,000, jimla 420,000. Raba gida 12, ya zama 35,000 a wata.

Yanzu a mayar da kuɗin nan kaya, domin ɗan kasuwa ya fi gane nauyin abu idan ya gan shi a turmi. Ribar Hajiya a kan turmi ɗaya 1,500 ce. Idan aka raba 35,000 da 1,500, za a ga sai ta sayar da ƙarin turmi 24 a wata kafin manhajar ta biya kuɗin kanta. Ƙari fa, ban da wanda da ma take sayarwa.

Daga ina ƙarin zai fito? Daga mutanen da suke tafiya saboda ba a amsa musu da wuri ba. Ta koma littafinta, ta ga saƙo 10 ne a makon suka shigo bayan isha'i, ba ta amsa ba sai da safe, kuma mutum 4 daga ciki ba su sake magana ba. A wata sun kai 16. Ba duka ne za su saya ba, wasu farashi kawai suke ji. Ko da rabinsu sun sayi turmi ɗaya ɗaya, ribar 12,000 ce. Ka ga za ta kashe 35,000 don ta kamo 12,000. Lissafi bai fita ba.

Akwai tambayoyi biyu da ya kamata a yi wa mai haɗawa a rubuce. Na ɗaya, kuɗin watan ya ƙunshi kuɗin saƙo? Tsarin WhatsApp na manyan kasuwanci, wanda bot ke hawa, yana barin ka amsa wa kwastoma kyauta cikin awa 24 bayan ya turo saƙo, amma saƙon talla da kai ka fara turawa ana biyan kowane ɗaya. Na biyu, da naira aka yanke farashin ko da dala? Idan da dala ne, duk ranar da naira ta faɗi kuɗinka ya hau, ko ciniki ya ƙaru ko bai ƙaru ba.

Mu koma gidan tsakiya, domin ni a ganina nan ne maganar take, fiye da kuɗi. Wata kwastoma da ke Katsina ta tura wa Hajiya 40,000 tun ba ta taɓa atamfar da hannunta ba. Me ya sa ta yarda? Saboda ta san muryarta. Sun gaisa, an tambayi yara, ta taya, Hajiya ta ce albarka, ta ƙara, aka ce an sallama. Yawancin cinikin nan ma da saƙon murya ake yinsa, da Hausa, wani lokaci ana hayaniyar kasuwa a baya. Bot mai jeri ba ya jin murya sam. Mai basirar kuma kada ka yarda da baki cewa yana jin Hausa. Ka tura masa saƙon murya guda goma na kwastomominka na gaske, bayan ka nemi izininsu, ka ga nawa ya gane. Ka gwada shi da rubutun da mutane ke yi a waya, wanda ba ƙugiya a kan ƙ da ɗ, ga gajarce kalmomi.

Haɗarin mai basira shi ne idan bai san amsa ba yakan ƙirƙiro ta, ya faɗe ta da cikakken tabbaci. Wannan ya faru da kamfanin jiragen sama na Air Canada. Bot ɗinsa ya gaya wa wani fasinja da aka yi wa rasuwa cewa zai iya sayen tikiti, daga baya ya nemi rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza, alhali ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da neman rangwamen bayan tafiya ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin zame kansa daga maganar bot ɗin, amma a watan Fabrairu 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia ta ƙi yarda, ta sa ya biya fasinjan kusan dalar Kanada 800. Hukuncin na Kanada ne, amma a kasuwarmu ma haka abin yake ko ba a je kotu ba. Idan lambarka ta ce turmi 18,000 ne alhali ya koma 21,000, kwastoma ba zai ce na'ura ta yi kuskure ba. Zai ce Hajiya ta canja magana, kuma zai faɗa wa 'yan'uwansa.

Saboda haka a takardarka ka rubuta abin da manhaja ba za ta taɓa yi ba, ko ta kyauta ce ko ta kuɗi. Ba za ta yi ragi ba. Ba za ta tabbatar da shigar kuɗi ba, domin hoton rasit da alat na bogi sun yi yawa, sai ka duba asusunka da idonka. Ba za ta amsa wa mai fushi ba. Kuma ba za ta yi kamar ita ce kai ba. Mutum yakan haƙura da na'ura idan an gaya masa na'ura ce, abin da ba ya yafewa shi ne ya gano daga baya cewa gaisuwar da ya yi ta yi, ba kowa a can. Ka kuma tambayi mai haɗawa ina lambobi da adireshin kwastomominka za su zauna, kuma wa zai iya ganinsu. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma amanar ai kai aka ba, ba shi ba.

Ga abin da Hajiya ta rubuta a ƙasan takardarta. Ba za ta sayi bot ba a yanzu. Za ta ajiye amsoshi shida a `Quick replies` don tambayoyin gida na farko, ta kuma kunna `Away message` daga ƙarfe 9 na dare zuwa 7 na safe, da wannan saƙo: "Salamu alaikum. Wannan amsa ce ta na'ura, Hajiya ta tashi daga aiki. Za ta amsa da kanta da ƙarfe 8 na safe insha Allah. Don Allah kada a tura kuɗi sai an yi magana da ita." Bayan kwana 30 za ta sake ƙirga na mako guda. Idan masu tafiya sun ragu daga 4, gyaran ya yi aiki. Idan ta fara ganin mutane suna rubuta "wai ba kowa ne?" ko suna maimaita tambaya ɗaya sau biyu, ko tsofaffin kwastomomi sun koma kiran waya, to saƙon bai gamsar ba, sai a sake shi. Maganar bot na kuɗi kuwa za ta sake ɗaukota ne ranar da cinikin da ke kuɓuce mata ya wuce turmi 24 a wata, kuma ko a ranar sai ta kwatanta da albashin ƙarin yaro guda mai jin Hausa da iya gaisuwa.

Aikin gida: daga gobe ka raba shafi gida uku, ka ƙirga saƙonninka na kwana bakwai. Ka rubuta ribarka a kan kaya ɗaya, ka raba kuɗin da aka ce za ka riƙa biya a wata da ita. Ka zo da littafin a aji na gaba, za mu duba lissafin kowa tare a kan allo.