Kurakuran da ke kayar da ɗalibi a kotun gwaji

Mu ɗauki ƙara irin wadda ake ba ɗaliban lauya a Gombe. Wani ɗan kasuwa a Tudun Hatsi ya ci bashin buhun wake hamsin, kuma hujjar mai kaya ita ce saƙonnin WhatsApp da ya buga a takarda. Babbar Kotu ta karɓa ba tare da satifiket ɗin da ke tabbatar da na'urar da ta fitar da su ba, ba kuma wanda ya yi bayanin wayar da saƙon ya fito. Kai ne lauyan wanda ya ci bashin, mai ɗaukaka ƙara, an ba ka minti 15.

Yawancin ɗalibai da labari suke farawa: yadda aka yi ciniki, ranar da aka loda mota. Alƙali ya riga ya karanta wannan. Cikin minti ɗaya ka faɗi wanda kake wakilta, abin da kake roƙo, da batutuwanka biyu, mai ƙarfin a gaba. A nan mai ƙarfin shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya gindaya sharuɗɗan karɓar abin da ya fito daga na'ura. Jawabin kuma ka auna shi a kan minti 9, don tambayoyi za su cinye sauran.

Inda aka fi zubewa shi ne lokacin da alƙali ya katse ka: "Lauya, wanda kake karewa ya musanta cewa shi ya tura saƙon?" Sai ka ga ɗalibi ya hau jujjuya takardu, ya ce zai zo kan wannan nan gaba. Ni dai in ina kan benci, a nan nake rage maki, domin abin da aka tambaya shi ne abin da ya tsaya wa kotu a rai. Ka yi shiru har ya dasa aya, ka ja numfashi, ka ce: "Bai musanta ba, ya Mai Shari'a. Sai dai kafin a auna nauyin hujja, dole ta shigo ta ƙofar da doka ta buɗe, wannan kuwa ba ta cika sharuɗɗan sashe na 84 ba." Ka sallama abin da ba za ka iya karewa ba, ka koma kan batunka.

Zai ƙara matsa ka. In ka kafa hujja da shari'ar Kubor da Dickson, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a kan sashe na 84, zai ce ai waccan ƙarar zaɓe ce, kan labaran jarida da aka bugo daga intanet. Wanda taƙaitawa kawai ya haddace, nan asirinsa ke tonuwa. Ka yarda cewa labarin ya bambanta, amma dukansu daga na'ura suka fito, kuma hukuncin Kotun Ƙoli ya hau kan duk kotun da ke ƙasa da ita.

A atisaye, ka sa abokinka ya riƙa katse ka duk bayan minti biyu da tambayar da ka fi tsoro, har sai bakinka ya saba fara amsa da "e" ko "a'a".