Darasi na Bakwai: Idan Jeri Ya Goce a Fuskar Gini

Ka taɓa tsayawa a bakin titi ka ɗaga kai ka dubi barandar wani bene, ka ga ƙarafunanta sun taho daidai daga hagu, amma da suka iso ƙarshen dama sai biyun ƙarshe suka matse kamar 'yan kasuwa a motar haya? Ko ka ga jan bulo a bango, sahun da ya tashi a saman taga ta farko ya je ya ci rabin taga ta huɗu? Mai aikin ba lallai ne ya zama bai iya aiki ba. Yawanci abu ɗaya ne ya kayar da shi: yana auna kowane ƙarfe daga wanda ya gama sawa, maimakon ya auna su duka daga wuri guda. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba, idan aka maimaita shi sau ashirin ko talatin, sai ya taru ya zama abin da mai wucewa zai gani daga nesa.

A wannan darasi za mu yi amfani da gefen tef mai santimita, ba gefen inci ba. Na san da yawa daga cikinmu da inci muka koyi aiki, amma raba inci da gutsattsarinsa yana da wahala, santimita kuwa wayar hannunka za ta raba maka ita. Ka tuna, ƙananan zanen da ke tsakanin santimita ɗaya da ta gaba su ne milimita, guda 10 ne.

Ƙarafunan baranda

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. Baranda ce, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi santimita 290. Ƙarfen da za a jera mai kusurwa huɗu ne, faɗinsa santimita 2. Ƙa'idar da ake bi a wurare da yawa ita ce kada ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta wuce santimita 10, domin kada kan ƙaramin yaro ya shige.

Ga abin da mai walda yakan yi idan yana sauri. Ya yanko guntun katako mai santimita 10, ya jingina shi da ginshiƙi, ya sa ƙarfe, ya ɗiga walda, ya matsar da katakon gaba. Kowane ƙarfe da ratarsa sun ci santimita 12. Idan ya sa ƙarfe 24 ya cinye 288, saura santimita 2 kacal a ƙarshe. Idan ya ce bari ya cire guda ɗaya, ratar ƙarshe ta zama 14, wadda yaro zai iya cusa kai. Duk inda ya juya bai fita ba, kuma wannan ma idan katakon nasa daidai yake. In zarto ya ci milimita 2 daga jikinsa, ko tartsatsin walda ya maƙale masa, wani kuskuren ya hau kan na farko.

Hanyar da ta dace tana farawa da lissafi kafin a kunna inji. Ka ƙara faɗin ƙarfe ɗaya a kan tsawon wurin: 290 da 2 sun zama 292. Ka raba da 12, wato rata da ƙarfe a haɗe. Wayarka za ta ba ka 24 da 'yan kai. Kada ka sauko, ka hau zuwa 25, don hawa shi ke sa ratar ta ragu ƙasa da 10. Wannan 25 ita ce yawan rata, ƙarafunan kuma 24 ne, domin kullum rata ta fi ƙarfe da ɗaya. Yanzu sai ka raba 292 da 25:

```
292 ÷ 25 = 11.68
```

Wannan 11.68 shi ne takunka. Ratar kanta za ta zama 9.68, kuma haka za ta kasance tun daga ta farko har ta ƙarshe.

Abin da ya rage shi ne zuciyar darasin. Ka maƙala bakin tef a jikin ginshiƙin hagu, ka ja shi har ƙarshe, kada ka sake ɗaga shi sai ka gama zane. Ka ninka 11.68 da 1, da 2, da 3, haka har 24, kana rubutawa a takarda ko a jikin bango da alli. Za ka samu 11.7, sai 23.4, sai 35.0, sai 46.7, sai 58.4. Na goma zai faɗa a 116.8, na ashirin a 233.6, na ƙarshe a 280.3. Kowane zane yana nuna gefen dama na ƙarfen, saboda haka ka sa ɗan gicciye a hagun zanen don yaronka ya san ɓangaren da ƙarfe zai zauna. Na sha ganin aiki ya ɓaci a nan: oga ya zana daidai, yaro ya sa rabin ƙarafunan a hagun zane, rabi a dama. Amfanin wannan hanya shi ne, ko hannunka ya kauce da milimita ɗaya a zane na bakwai, na takwas ba zai gaji kuskuren ba, domin shi daga ginshiƙi aka auno shi.

Ka zana ƙarfen sama da na ƙasa tare, a kwance gefe da gefe, da sukwaya. Sannan ka ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kan kowane ƙarfe, ka ja da baya ka duba, kafin ka ƙona gaba ɗaya. Zafin walda yana jan ƙarfe, don haka kada ka bi su a jere daga gefe guda. Ka yi nan, ka tsallaka can, ka dawo tsakiya.

To idan an riga an yi ɓarnar fa? Ka fara auna kowace rata ka rubuta, kada ka dogara da ido. Idan gocewar santimita ɗaya ce ko biyu, ba sai ka yanke duka ba. Ka yanke kamar guda takwas na ƙarshe da giranda, ka raba bambancin a tsakaninsu, kowace rata ta ɗauki kamar milimita 1 zuwa 2. Ido ba ya kama wannan daga ƙasa. Amma irin wancan na rata 2 ko 14, babu dabarar da ta wuce a kwance su duka a sake zane. Kuma in benen hawa biyu ne ko uku, ka sako zare mai nauyi a ƙasa daga tsakiyar barandar sama, ka tabbata tsakiyar ta ƙasa tana ƙarƙashinta. Ginshiƙan siminti ba safai suke fitowa da awo ɗaya ba, don haka kowace baranda a auna ta da kanta, a jero daga tsakiya.

Sahun jan bulo

Bangon da za a yi wa filasta yana ɓoye laifi da yawa. Jan bulon da za a bari a fili ba ya rufa wa kowa asiri. A ce tsayin bulonka santimita 6.5 ne, kwaɓin da ke ƙarƙashinsa santimita 1, kowane sahu ya zama 7.5. Sahu 4 santimita 30 ke nan, sahu 28 kuma ya kai ka 210, tsayin da aka saba sa linta ta ƙofa. Amma kada ka yarda da awon da mai bulo ya faɗa maka. Bulon da aka gasa yakan bambanta, don haka ka ɗora guda 10 a bushe, ka auna, ka raba da 10.

Yanzu a ce magina biyu ne, ɗaya a kusurwar gabas, ɗaya a ta yamma. Na yamma hannunsa ya fi cika cokali, kwaɓinsa ya fi na ɗan'uwansa kauri da milimita 2. Babu mai lura. Sai an kai sahu na 28 a ga bambancin ya kai santimita 5.6, saura kaɗan ya cika bulo guda. Igiyar da suke ja tsakaninsu ba za ta tona wannan ba, domin ita miƙewa kawai take yi, ba ta san ta karkace ba.

Maganinsa sandar awo. Ka sami katako miƙaƙƙe, ka zana sahu-sahu a jikinsa da tef a maƙale wuri ɗaya: 7.5, 15, 22.5, 30, har sama. Ka nuna inda ƙasan taga da linta za su faɗa. In za a yi sanda biyu, a haɗa su a zana lokaci guda. Sannan ka cika farin tiyo da ruwa, ka kori kumfar iska daga cikinsa, ka fitar da alama mai tsayi ɗaya a kowace kusurwa. Daga wannan alama sandar za ta riƙa tashi, ba daga ƙasa ba, don daɓen ƙasa ba abin yarda ba ne. Duk sahu huɗu a jingina sanda a duba.

Idan ka gano a sahu na 12 cewa yamma ta fi gabas da santimita 1.8, kada ka zuba kwaɓi mai kauri a gabas don ka cike a sahu ɗaya. Zai fito kamar tabo, kuma kwaɓi mai kauri yana da rauni. Ka raba shi a sahu 9 masu zuwa, milimita 2 kowanne: gabas ta ƙara ɗaya, yamma ta rage ɗaya. Idan saura sahu uku a kai linta kuma bambancin ya kai santimita 4, babu wurin rabawa. A sauke bulon tun siminti bai gama kamawa ba. Asarar yini ɗaya ce.

Luba

Faifan luba, ko na alminiyon masu kare rana ko na katako, lissafinsu ɗaya ne da na baranda, sai dai a tsaye. Ka kwantar da ƙarafunan gefe biyu tare ka zana su lokaci ɗaya. Abin da ya ƙaru a nan shi ne karkata: kowane faifai dole ya kwanta daidai da ɗan'uwansa. Ka yanko falankin katako mai kusurwa uku a kan karkatar da ake so, ka riƙa jingina shi da ƙarfen gefe, ba da faifan da ke ƙasa ba. Tagar luba ta gilashi kuwa da ratarta take zuwa daga kamfani, saboda haka in ta goce, laifin daga mazauninta ne. Ka ja igiya ɗaya a saman dukkan tagogin daga alamar tiyo, ka cike ƙasan wadda ta gaza. Lokacin duba wannan aiki shi ne da hantsi ko bayan la'asar, sa'ad da rana ke dukan bango a karkace, inuwar kowane faifai ta fito.

Wata 'yar magana kan tef: ƙugiyar bakinsa da kake ji tana motsi ba lalacewa ta yi ba, haka aka yi ta don ta rama kaurin kanta. Kada ka daddage ta da guduma. Amma in ta lanƙwashe, ka fara awo daga lamba 10 ka riƙa cire 10, kuma tef ɗaya za a yi aikin da shi daga farko har ƙarshe.

Aikin gwaji

Baranda ce mai santimita 200 tsakanin ginshiƙai, ƙarfe mai faɗin santimita 2, rata kada ta wuce 10. Rata nawa za a samu? Ƙarfe nawa za ka yanka? Nawa ne takunka? Rubuta inda zane biyar na farko za su faɗa, ka zana su a kan katako, ka kawo aji tare da tef ɗinka.